Idan mai ɗaukar aiki ya nemi masu ba da shaida a kanka: yadda za ka amsa, da yadda za ka shirya su

Na daɗe ina aiki a sashen kula da ma'aikata a nan Jidda, kuma kusan duk mako sai wani ɗan'uwa ya tare ni, ko a ƙofar masallaci ko ta waya, da magana iri ɗaya: "Yaya, na yi muƙabalar neman aiki, sun ce in turo sunayen mutum biyu ko uku da za su tambaya game da ni. Wa zan ba su?" Yawanci kafin ya zo wurina ma ya riga ya tura, hankalinsa ne kawai bai kwanta ba.

Abin da nake faɗa wa kowa shi ne, a amsa saƙon a ranar da ya zo, amma kada a tura suna ko ɗaya sai an yi magana da mai sunan. Na zauna a kujerar da ake buga irin wannan waya, kuma na ga yaran kirki, masu iya aiki, sun rasa gurbi ba don wani ya ɓata su ba, sai don wanda aka kira bai san za a kira shi ba. Zan yi ta kawo misalin wani ƙanena mai aikin sito, wanda ya yi shekara biyu a wani babban shagon sari a Kano, sannan ya yi shekara uku a wani kamfanin rarraba kayan abinci a Jidda. Ya faɗi a karon farko, ya dace a karo na biyu. Ina cewa "kai" ne don sauƙi, amma maganar ta shafi 'yan'uwa mata masu neman aikin jinya, koyarwa ko ofis.

1. Ka gane abin da ake nema

Abu uku ne mutanenmu ke cakuɗawa, kuma kowanne daban yake.

Na farko shi ne mai ba da shaida, wanda a saƙon Turanci za ka ga an rubuta `references` ko `referees`. Mutum ne da ya ga aikinka da idonsa, za a kira shi ko a tura masa imel a tambaye shi yadda kake. Na biyu shi ne takardar shaidar aiki, wadda ake ce wa shahadatul khibra: takarda ce da tsohon kamfaninka ke bayarwa, ba mutum ba ce. Na uku shi ne mai lamuni, wanda zai sa hannu cewa idan ka yi ɓarna shi zai biya. Mai ba da shaida ba ya ɗaukar maka nauyin kuɗi ko na shari'a. Ka riƙe wannan da kyau, domin da yawa daga cikin waɗanda za ka roƙa za su ja baya ne saboda suna zaton garanto kake nema, a ƙasar da kowa ya san nauyin kalmar kafala.

Ka sake karanta saƙon a natse. Mutum nawa suka ce? Sun ce dole shugaban da ka yi aiki a ƙarƙashinsa ne, ko abokin aiki ma ya isa? Lamba suke so ko imel ɗin kamfani? Zuwa yaushe?

Gargaɗi ga ma'aikatan lafiya: binciken takardun da ake yi ta DataFlow domin rajista da Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya wani abu ne daban. Su makarantarka da hukumar da ta ba ka lasisi da wurin aikinka suke tuntuɓa kai tsaye don su tabbatar takardun na gaskiya ne. Kammala shi ba ya ɗauke maka kawo masu shaida idan asibitin ya nema.

2. Ka amsa a ranar, ba tare da sunaye ba

Shiru yana cutarwa, gaggawa ma haka. Mai ɗaukar aiki yana da mutane da yawa a gabansa, kuma idan ka kwana biyu ba ka ce komai ba zai ɗauka ba ka da wanda za ka kawo. Ka rubuta masa gajeren saƙo, da harshen da ya rubuto maka, Larabci ko Turanci, ta hanyar da ya bi. Ga ma'anar abin da za ka ce:

"Assalamu alaikum. Na gode da saƙonku, kuma ina nan kan sha'awar aikin. Zan turo sunayen mutum uku da lambobinsu zuwa ranar Talata da azahar, bayan na sanar da su. Don Allah ku sanar da ni, ta waya za ku tuntuɓe su ko ta imel, kuma wane ne zai kira, don in faɗa musu su saurara. Ina roƙon kada a tuntuɓi wurin da nake aiki yanzu sai mun yi magana."

Kwana biyu na aiki ya isa. Ka faɗi rana takamaimai, kada ka ce "nan ba da daɗewa ba". Ka lissafa da makon aiki na nan, Lahadi zuwa Alhamis: idan saƙon ya zo Alhamis da yamma, alkawarin Litinin ko Talata daidai ne, kuma ka samu Juma'a da Asabar na buga waya.

Gargaɗi: neman masu shaida alama ce mai kyau, don ba a cika ɓata lokaci a kan wanda ba a so ba, amma ba tayin aiki ba ne. Kada ka ajiye aikinka, kada ka fara sallama da abokai. Sannan idan wanda ya rubuto maka bai taɓa yi maka muƙabala ba, ko ya ce ka biya wani abu don "a duba masu shaida", ko ya nemi lambar sirrin da ta shigo wayarka daga Absher ko Nafath, ka tsaya nan. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora kuɗin kawo ma'aikaci da na iƙama da lasisin aiki a kan mai ɗaukar aiki, kuɗin naƙalin kafala kuma a kan kamfanin da za a koma. Ba ka da abin biya a wannan mataki.

3. Ka zaɓi wanda ya ga aikinka, ba wanda ya fi girma ba

A nan ne al'adarmu ke ja mu ƙasa. Mun taso da sanin cewa idan za a yi maganar mutum, babba ake kawowa: liman, kawu, mai unguwa, Alhajin da kowa ya sani. Wannan yana da kyau a neman aure. A neman aiki, wanda zai kira yana da tambayoyi 'yan kaɗan a gabansa, kuma duk a kan aiki suke. Yaushe ya fara, yaushe ya bari? Me yake yi a kullum? Yana zuwa a kan lokaci? Me ya sa ya tafi? Za ka sake ɗaukarsa? Limamin unguwarku ba zai iya amsa ko ɗaya ba, komai ƙaunarsa gare ka.

Ƙanena a karon farko sunaye uku ya bayar: malaminsa na karatun dare, kawunmu da ke Makka, da maigidansa na Kano. Malam ya ce yaro ne mai tarbiyya, ba ya fashin jam'i. Gaskiya ya faɗa. Da aka tambaye shi yadda yake riƙe lissafin kaya, ya ce wallahi wannan bai sani ba. Kawu kuwa tambaya ta biyu aka gane ɗan'uwa ne, aka yi godiya aka ajiye waya. Shaidar ɗan'uwa ba ta da nauyi a wurinsu ko da gaskiya ce, kuma idan aka gano ka ɓoye dangantakar, sauran sunayen ma sun shiga zargi.

Wanda ya fi kowa amfani shi ne shugaban da kake kai wa rahoto kai tsaye a aikinka na baya-bayan nan, wanda ya sa maka hannu a takardar hutu, wanda ya yi maka faɗa ran da ka yi kuskure. Mushrif ɗin sito da kuka yi shekara biyu tare ya fi babban mudir ɗin da ya gan ka sau uku. Bayansa sai wani daga wani sashen da aikinku ke haɗuwa, kamar akawun da ke karɓar takardunka, ko babban mai sayen kaya da kake hulɗa da shi. Wanda bai taɓa aikin albashi ba zai iya kawo malamin da ya duba aikinsa na ƙarshe a jami'a, ko shugaban tawagar da ya yi wa hidimar alhazai a lokacin musim. Aikin musim aiki ne, kuma wanda ya gan ka kana fama da jama'a a Mina yana da abin faɗa.

Ka nemi mutum huɗu idan uku aka ce, don ɗaya zai iya ɓacewa. Kuma ka yi ƙoƙari aƙalla ɗaya ya kasance a cikin Saudiyya, mai lamba ta nan, wanda zai iya magana da Larabci ko Turanci ba tare da tafinta ba. Na san zafin wannan magana, don sau da yawa wanda ya fi saninka Hausa kawai yake ji. Idan haka ne, ka faɗa wa mai ɗaukar aikin tun farko, ka nemi a tura tambayoyin a rubuce.

'Yan'uwanmu da suka zo daga Sudan suna da wata matsalar ta daban. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wurare da yawa a Khartum da Madani sun rufe, lambobin ofis sun mutu, shugabanni sun watse, wani yana Masar, wani yana Bur Sudan, wani ma yana nan Riyad. Kamfanin da ya rufe ba ya hana tsohon shugabanka ba da shaida. Ka neme shi ta tsofaffin abokan aiki ko ta LinkedIn, ka rubuta muƙaminsa na lokacin da inda yake yanzu, ka ƙara jimla ɗaya cewa wurin ya daina aiki. Masu ɗaukar aiki a nan sun san halin da ake ciki.

Gargaɗi game da shugabanka na yanzu: kada ka sa sunansa sai ka riƙe tayin aiki a rubuce. Ga baƙo a ƙasar nan, iƙamarsa tana rataye ne da wurin aikinsa, kuma canjin kamfani ta dandalin Qiwa yake bi. Tun gyaran da aka fara aiki da shi a Maris 2021, ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani wuri ba da amincewar mai aikinsa ba idan ya cika sharuɗɗa, ciki har da cika shekara ɗaya, amma wannan ba ya hana zama ya yi tsami idan labari ya iso ta bakin wani kafin naka. Idan sun nace, ka ce ka yarda a kira shi bayan an ba ka tayi.

4. Ka daidaita takardunka kafin kowa ya buɗe baki

Ka shimfiɗa abu uku a gabanka: takardar tarihin aikinka da ka tura musu, wato sibi, da shahadatul khibra ta kowane wuri, da abin da ke rubuce a kwantiraginka na Qiwa. Ka duba wata da shekarar farawa da barin aiki, ka duba sunan muƙami. Abin da mai binciken zai fara yi ke nan, gwada bakin mai shaida da takarda.

Idan ba ka karɓi shahada daga tsohon wurinka na Saudiyya ba, ka nema yanzu. Sashe na 64 na dokar ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ka ita kyauta idan ka nema bayan ƙarewar kwantiragi, da ranar farawa da ranar rabuwa da sana'arka da albashin ƙarshe, kuma bai halatta ya sa abin da zai ɓata maka suna ba. Kuɗin da za ka iya kashewa shi ne na hatimin ɗakin kasuwanci, ghurfa tijariyya, idan sun ce a buga, da na ofishin fassara idan takardar ta gida ce, sai katin waya.

Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne mihna, wato sana'ar da aka rubuta a iƙama. Ƙanena a iƙamarsa "amil" aka rubuta, wato lebura, alhali shekara uku shi ke riƙe da mabuɗin sito, yana karɓar kaya yana fitarwa yana shigar da su kwamfuta. A sibi ya rubuta ma'ajin sito. Idan aka kira ofishin ma'aikata na tsohon kamfanin, abin da ke fayil za su karanta, lebura. Sai ya zama kamar ya yi ƙarya. Maganin ba ɓoyewa ba ne. Ka faɗa da kanka, a cikin saƙon da za ka tura sunaye, cewa mihnar da ke iƙama kaza ce, aikin da ka yi a zahiri kaza ne, kuma wane zai tabbatar. Idan maganar ta fito daga gare ka, bayani ce. Idan su suka tono ta, ta zama tuhuma.

5. Ka nemi izini, da baki

Ka kira, kada ka tura rubutu kawai, musamman ga wanda ya girme ka. Kunya ce ke hana mu, barin ma idan an daɗe ba a gaisa ba, mutum yana jin nauyin a ce sai da buƙata ta taso ya tuna da mutane. Wannan nauyin na minti ɗaya ne. Ka gaisa yadda ya kamata, ka tambayi iyali, ka amsa laifin shirun da ka yi, sannan ka shiga magana.

A karo na biyu ina zaune ƙanena ya kira maigidansa na Kano. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wata alfarma nake nema. Na nemi aikin shugaban sito a wani kamfani a Dammam, sun ce in kawo waɗanda suka san aikina. Ba lamuni ba ne, ba sa hannu, tambaya kawai za su yi ta minti biyar zuwa goma. Idan ka ga za ka iya faɗin alheri a kan aikina, zan so in sa sunanka. Idan kuma akwai uzuri, wallahi ba komai." Alhajin ya ce, "Haba ɗana, ai da ka faɗa min tun wancan karon. Na ga wata lamba ta waje tana ta kira da sassafe, na ɗauka 'yan damfara ne."

Ka lura da abin da ya tambaya. Bai ce "zan iya sa sunanka?" kawai ba, don Bahaushe ba ya cewa a'a ga irin wannan roƙo, zai ce to ko da ransa bai so ba. Ya tambaya ne ko zai iya faɗin alheri a kan aikin, ya kuma buɗe masa ƙofar fita. Daga nan sai ka saurari murya. Wanda ya ce "sa mana, me za su tambaya?" naka ne. Wanda ya yi jim, ya ce "to, Allah ya sa a dace, ka san dai yanzu abubuwa sun yi min yawa", ya ba ka amsa cikin mutunci. Ka yi godiya, kada ka sa shi. Shaida mai sanyi ta fi rashin shaida illa, domin mai kira ya saba jin bambancin wanda ke yabo da zuciya da wanda ke sauke nauyi.

Wasu kamfanoni sun hana ma'aikatansu ba da shaida da sunan kamfani, sai dai a tura mai tambaya ofishin ma'aikata, su kuma kwanan wata da muƙami kawai suke tabbatarwa. Ka tambayi mutumin ko haka wurinsu yake. Idan haka ne, sai ka ƙara wani.

Gargaɗi: kada ka sa aboki ya yi shigar tsohon shugabanka. Ana kiran babban layin kamfani a tambaya ko akwai mai wannan suna da wannan muƙami, ana duba imel ko na kamfani ne. Ko ka wuce a ranar, kana da lokacin gwaji a gabanka, wanda zai iya kaiwa kwana 180, kuma sallama a cikinsa ba ta da wuya.

6. Ka ba shi abin da zai riƙe a hannu

Yarda daban, shiri daban. Mutumin da kuka rabu shekara uku ba zai tuna watan da ka fara aiki ba, kuma ba laifinsa ba ne. Da ka ajiye waya, ka tura masa saƙo guda ɗaya ta WhatsApp, gajere yadda zai buɗe ya karanta yana kan kiran. Kada ka bar shi da saƙon murya na minti shida.

Abu na farko a saƙon shi ne cikakken sunanka yadda yake a fasfo. Wannan ƙaramin abu ya kayar da mutane fiye da yadda za ka zata. Rabinmu da sunan rana ko laƙabi aka san mu, ana ce maka Ɗanjuma ko Babangida ko Baba Ƙarami shekara da shekaru, fasfo kuma yana ɗauke da sunan yanka da na uba da na gari. Wanda zai kira sunan fasfo zai karanta, da lafazin Balarabe ko Ba'indiye. Abin da ya faru da ƙanena ke nan: da Alhajin ya ɗaga waya daga baya, aka faɗi sunan, ya ce bai gane ko waye ba. A takardar mai binciken, abin da aka rubuta shi ne tsohon maigidansa bai san shi ba.

Bayan suna, ka rubuta watan da shekarar da ka fara da wanda ka bari, da muƙaminka, da dalilin tafiyarka yadda ka faɗa a muƙabala. Ka sa sunan kamfanin da kake nema, da muƙamin, da sunan wanda zai kira, da cewa lambar za ta fara da +966. Ka haɗa da sibi ɗinka.

Sannan sai abin da ya fi muhimmanci: ka tuna masa abu biyu da ka yi a gabansa waɗanda suka dace da sabon aikin. Idan aka bar mutanenmu da kansu, abin da za su ce shi ne "yaron kirki ne, mai amana ne, ba shi da matsala." Yabo ne babba a wurinmu, amma mai binciken ba shi da inda zai rubuta shi, don kowa haka ake ce masa. Ƙanena ya tuna wa mushrif ɗinsa na Jidda lokacin da aka yi ƙidayar ƙarshen shekara, jard, aka samu giɓin katan arba'in na man girki, shi ya bi takardun fita ɗaya bayan ɗaya har ya gano an shigar da takarda ɗaya sau biyu. Ya kuma tuna masa yadda ya sake jera kaya, masu kusan ƙarewar wa'adi a gaba, har asarar kayan da ke lalacewa ta ragu. Mushrif ɗin ya ce ya manta da zancen man, amma yanzu ya tuna sarai. Wannan ne ya faɗa da aka kira shi, kuma daga baya a ofis sabon mudir ɗin ya ambaci labarin.

Ba cusa masa magana kake yi ba, tuni ne. Kada ka rubuta masa abin da zai karanta kalma da kalma, ana ganewa, musamman idan mutum uku suka maimaita jimla ɗaya. Kowane mai shaida ka ba shi nasa misalin. Kuma kada ka nemi ya ƙara maka wata shida ko ya ɗaga maka muƙami. Ka sa shi cikin zunubi, ka kuma sa kanka cikin haɗari.

Akwai tambaya biyu da ya kamata ku taɓa tun yanzu. Za a tambaye shi inda kake da rauni. Idan ya ce babu, ba za a yarda ba. Idan tambayar ta zo masa ba zato, zai iya faɗin abin da ya fi nauyi. Ku yi magana a kan abu na gaskiya wanda ka gyara, kamar rashin ƙwarewa a kwamfuta da farko, ko raunin Larabcin rubutu da ka yi ta koyo. Ta biyu, idan rabuwarku ba ta yi daɗi ba, ka tambaye shi kai tsaye me zai ce a kan dalilin tafiyarka. Gara ka ji a kunnenka yau.

7. Ka tura jerin, da lokacin kiran kowa

Ka amsa a kan saƙon farko don magana ta zauna wuri ɗaya. Ga kowane mutum ka rubuta cikakken suna, muƙaminsa da wurin aikinsa, dangantakarku ta aiki da shekarunta, lambar waya da lambar ƙasa a gaba, imel, harshen da yake ji, da lokacin da ya fi dacewa a kira. Lambar Nijeriya da +234 take farawa, ta Nijar +227, ta Sudan +249, kuma ana cire sifilin farko na lambar Nijeriya ko Sudan. Ka kira kowace lamba da kanka daga cikin jerin da ka rubuta kafin ka tura, lamba ɗaya da ta kauce ta isa.

Zancen lokaci kada ka bar wa mai kira ya lissafa, ba zai yi ba. Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Sudan da awa ɗaya. Ƙarfe tara na safe a Dammam bakwai ce a Kano. Lahadi ranar aiki ce a nan, hutu ce a Nijeriya da Nijar. Juma'a kuma nan ne ake hutu. Don haka ga wanda ke gida, ka rubuta Litinin zuwa Alhamis, daga sha ɗaya na safe zuwa huɗu na yamma agogon Saudiyya. A watan azumi lokacin aiki a nan awa shida ne, sai tazarar ta ƙara matsewa, kuma idan abin ya faɗo kusa da Sallah ko mai shaidarka yana hidimar alhazai, ka faɗa a saƙon.

Gargaɗi: suna da lamba da imel sun isa. Kada ka tura hoton iƙama ko fasfon mai shaidarka, kuma kada ka rubuta lambobinsu a kan sibi ɗin da kake rarrabawa ko'ina. Amanar lambarsa ya ba ka don kira ɗaya.

8. Bayan ka tura

A take ka sanar da kowannensu cewa sunansa ya tafi, ya sa ido a waya da imel daga gobe, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, don fom ɗin da kamfanoni ke turowa yakan ɓuya a can. Ka roƙe shi ya sanar da kai idan an kira, da abin da aka tambaya. Tambayoyin suna nuna maka abin da ke damun kamfanin game da kai, kuma za su yi maka amfani idan aka sake kiranka zama.

Idan kwana huɗu ko biyar na aiki suka wuce ba a kira kowa ba, ka tura wa mai ɗaukar aikin layi biyu: kana tambaya ko sun samu mutanen, kuma kana da wani suna idan ɗaya ya yi wuyar samu. Nan ne mutum na huɗu da ka ajiye yake amfani. Sau ɗaya ya isa, kada ka mai da shi kullum.

Ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba, ka koma ka faɗa musu yadda ta kaya, ka yi godiya. Idan wani kamfanin ya sake nema bayan wata biyu, ka sake kiransu, ka sake tura saƙon da sabon sunan kamfani da sabon muƙami, don izinin wancan karon na wancan aikin ne. Ƙanena ranar da ya amince da kwantiraginsa a Qiwa, kafin ya kira ni sai da ya kira Alhajin Kano, ya jira sai ƙarfe sha ɗaya ta yi a Jidda, lokacin da ya san ya buɗe shago.